Yadda na gyara ciwon gwiwa wajen saukowa daga bene

Ina gudu da asuba a hanyar Argungu nan Birnin Kebbi. Cikin mako guda na ninka tafiyata daga kilomita 4 zuwa 8, sai gwiwar dama ta fara ciwo, saukowa daga bene ta fi hawa zafi.

Likitar gashin ƙashi ta ce, "Malam, nuna mini wurin." Na kasa nunawa da yatsa ɗaya, sai na dafe ƙoƙon gwiwa da tafin hannu. Ta ce alamar ke nan: ciwon ƙoƙo bazuwa yake yi a gaba, ya tashi wajen tsugunno ko dogon zama. Da ɗigo ɗaya ne a ƙasan ƙoƙon, jijiya ce. Da a gefen waje ne, tantanin da ya sauko daga ƙugu ne. Kumburi da sarƙewa kuwa guringuntsi ake zargi. Ni babu ko ɗaya.

Na koma kilomita 3, na gajarta taku. Sau uku a mako nakan kwanta a gefe in ɗaga ƙafa sau 15, in yi rabin tsugunno a jikin bango, domin ƙugu da cinya ke riƙe ƙoƙon a kan hanyarsa. Tahiya na yi a kan kujera na ɗan lokaci.

A mako na shida na sauko bene ban kama ƙarfe ba.