Darasi na Bakwai: Yadda Ake Gabatar da Sana'a Gaban Mai Zuba Jari

Mai zuba jari daban yake da mai ba da bashi. Mai bashi kuɗinsa yake jira, ko ka ci riba ko ka faɗi. Mai zuba jari kuwa kaso yake saya a sana'arka, riba taku, asara ma taku. Shi ya sa yake son jin abu biyar a jere: matsala, mafita, kasuwa, abin da ka riga ka cim ma, sai kuɗin da kake nema. Minti biyar sun isa.

Bari mu ɗauki wani matashi a Aliero, garin albasa a Jihar Kebbi. Alƙaluman da za ku gani na koyon lissafi ne kawai.

Da matsala zai fara, kuma ta manoma ce, ba tasa ba. Kada ya ce "ba ni da jari". Ya ce: "Alhaji, lokacin girbi albasa takan faɗi warwas, sai damina ta yi nisa take tsada. Manomin da ya ajiye, zafi da laima su ruɓar masa da buhu uku cikin goma. Dole ya sayar da arha." Mafita kuma a taƙaice: ya gina rumbu mai shan iska ta ƙasa da ta gefe, manomi ya ajiye buhu a kan naira 3,000 har kasuwa ta tashi.

A wajen kasuwa ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Sai ka ji an ce "ai duk Najeriya ana cin albasa". Gaskiya ne, amma mai cin albasa a Legas ba zai kawo buhu rumbunka ba. Kasuwarka su ne waɗanda za su biya ka, kuma za ka iya kaiwa gare su. Matashin nan ya zaga ƙauyuka uku, ya ƙirga manoma 300, kowanne yana iya ajiye buhu 20. Buhu 6,000 ke nan. A kan naira 3,000, kasuwar ta kai miliyan 18 a shekara. Wannan adadi ya fi ƙarfi, domin in an tambaye shi inda ya samo shi yana da amsa. Ya kuma ambaci abokan hamayya, wato rumbun gida da dillalan da ke saye tun a gona. Wanda ya ce ba shi da abokin hamayya, bai duba da kyau ba.

Sai abin da ya riga ya cim ma. A ganina nan ne zuciyar zancen. Bara ya gina rumbu ɗaya da kuɗinsa, ya ɗauki buhu 200, buhu 20 suka lalace, wato ɗaya cikin goma. Ya karɓi naira 600,000, ya kashe 200,000 a kan mai gadi, leburori da gyara, ribar 400,000 ta rage. Ya zo da littafin shiga da fita da rasitai. Kada ya ɓoye buhu 20 ɗin nan, domin mai kuɗi zai tambayi manoma. Kuma kada ya kira 600,000 riba. Ciniki ne. Haɗa ciniki da riba yakan kashe magana nan take.

Daga wannan lissafi ne kuɗin da yake nema zai fito. Ba a cewa "ko nawa Allah Ya hore". Ya ce: "Ina neman miliyan 3. Miliyan 2 da dubu 400 na gina rumbu huɗu ne, kowanne 600,000. Ragowar 600,000 ta riƙe aiki kafin manoma su biya. Da rumbu biyar zan ɗauki buhu 1,000, ina sa ran ribar miliyan 2. Zan ba ka kashi 30 cikin 100."

Ku lura da abin da wannan ke nufi. In kashi 30 ya kai miliyan 3, to ya yi wa kamfanin kuɗi miliyan 10 bayan shigar jarin. Rabon Alhaji 600,000 ne a shekara, sai shekara biyar uwar kuɗinsa ta dawo. Yana iya cewa ya yi nisa, ya nemi kashi 40. Matashin ya yanke iyakarsa tun daga gida. Ya kuma san cewa rajistar sunan kasuwanci kawai ba ta ba da damar sayar da hannun jari, sai ya yi rajistar kamfani a hukumar CAC. Duk abin da aka amince a rubuta, da shaidu.

Aikin gida: kowa ya rubuta sana'arsa a layi biyar bisa wannan jeri. A layi na huɗu a ware ciniki daban, riba daban, a zo da littafin ciniki mako mai zuwa.