Babi na Shida: Yadda Ake Zaɓen Ɗanyen Kifi a Kasuwa

Darasi na 1: Ido

Ku fara da idon kifin. Kifin da bai daɗe da fitowa daga ruwa ba, idonsa garau yake, ya ɗan bulluƙo waje, baƙin tsakiya yana sheƙi. Idan ya kwana biyu, idon yakan yi hazo-hazo, ya faɗa ciki. Amma kada ku yanke hukunci da ido kaɗai. Kifin da aka ajiye cikin ƙanƙara idonsa kan yi fari alhali lafiyarsa ƙalau.

Darasi na 2: Kunnen kifi

A nan ne yawancinku kuke tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Ba komai, kowa da haka ya fara.

A gefen kan kifi, bayan ido kaɗan, akwai wani murfi mai tauri. Shi ne wasu ke kira kunnen kifi. A ƙarƙashinsa akwai nama mai tsage-tsage kamar haƙoran mataji, wanda kifi ke numfashi da shi. Wannan naman muke son gani, ba murfin ba.

Ku sa babban yatsa a bakin murfin ta wajen wutsiya, ku ɗaga shi sama, ku leƙa ciki. Idan naman ja ne jawur, da danshi, kifin sabo ne. Idan ya koma ruwan ƙasa ko ruwan toka, ga yauƙi mai kauri ya manne shi, ku ajiye.

Na sake faɗa: ku ɗaga murfin. Kallonsa daga waje ba dubawa ba ne. Sau nawa ina ganin mutum ya taɓa murfin da ɗan yatsa, ya janye hannu wai yana jin kunyar mai kifi! Kunyar me? Kuɗinku ne, cikin iyalinku ne. Ku ce, "Malam, bari in duba," ko ku ce ya buɗe muku da kansa.

Ga misali. Kifi biyu ne a faranti. Na farko jikinsa yana ƙyalli saboda an yayyafa masa ruwa, amma da aka ɗaga murfin sai ga ruwan ƙasa. Na biyu an ciro shi daga ƙanƙara, idonsa ya ɗan yi fari, ƙarƙashin murfin kuwa jawur. Na biyun za ku ɗauka. Wanda bai ɗaga murfi ba, na farkon zai kai gida.

Darasi na 3: Tsoka

Ku danna bayan kifin da yatsa, ku ɗauke. Idan wurin ya taso nan take, da kyau. Idan gurbin yatsa ya zauna, tsokar ta saki.

Darasi na 4: Wari

Sabon kifi ƙarninsa kaɗan ne. Idan kun ji tsami ko zarni, ku bar shi. A ƙarƙashin murfin nan ake sansanawa, don haka sai kun ɗaga shi tukuna.