Yadda ake gane takardar bayanin asusun banki ta gaskiya da lambar tantancewa

Idan aka turo maka takardar bayanin asusu, fara da neman ainihin fayil ɗin PDF da banki ya fitar. Kada ka karɓi hoton allon waya ko takardar da aka buga sannan aka ɗauki hotonta, domin sa hannun dijital, wato hatimin lantarki da banki ke sa wa fayil, ba ya bin hoto.

Duba saman shafin farko ko ƙasan shafuka, nan ake sa lambar tantancewa ko alamar QR. Idan ka haska QR da waya, tsaya ka karanta adireshin da ya fito kafin ka taɓa shi. Mai haɗa takardar jabu yana iya haɗa nasa QR ɗin da zai kai ka shafin da ya ƙirƙira, mai tambarin banki, wanda zai ce maka komai daidai ne. Alamar kwaɗo a burauza ba hujja ba ce, shafin damfara ma yana samun ta. Abin da ya fi shi ne ka rubuta adireshin bankin da hannunka, ka nemi sashen tantance takardu, ka shigar da lambar a can.

A nan ne mutane suka fi yin sakaci. Shafin ya ce lambar tana nan, sai su rufe. Wannan ya nuna banki ya taɓa fitar da takarda mai wannan lamba, bai nuna cewa ba a sauya wadda ke hannunka ba. Gwada duk abin da shafin ya nuna da abin da ke takardar: sunan mai asusu, lambar asusu, ranar farawa da ta ƙarewa, da ragowar kuɗi. Ka kuma yi lissafi. A ce an buɗe da 40,000, aka shigar da 310,000, aka fitar da 295,000. Dole ragowar ta zama 55,000. In takarda ta nuna 550,000, an ƙara sifiri, ko da lambar ta wuce gwaji.

Idan fayil ɗin yana da sa hannun dijital, buɗe shi da Adobe Acrobat Reader, ba a burauza ba, ka shiga Signature Panel. Can za ka ga wanda ya sa hannu, da ko an sauya wani abu bayan haka. Gargaɗin da ke cewa ba a san mai sa hannun ba sau da yawa matsalar manhajarka ce, amma wanda ke cewa an sauya fayil ya isa ka ƙi takardar.

Ba kowane banki ke sa lamba ba, wata kuma wa'adinta kan ƙare. Banki ba zai ba ka bayanin asusun wani ba sai da izininsa, don haka ka ce wa mai asusun ya sa bankin ya aiko maka kai tsaye, ko ya shiga manhajar bankin a gabanka ya sauke sabuwa. In kuwa za ka kira bankin, ɗauko lambar wayar daga shafinsa, ba daga jikin takardar da kake shakka ba.