Darasi na Bakwai: Dakatar da Cirar Kuɗin Waje Mai Maimaituwa

A ranar da mutum ya shigar da lambar katinsa domin biyan wani kamfanin ƙasar waje wata-wata, ya ba kamfanin izinin ci gaba da cirar kuɗi ke nan. Banki yakan nemi lambar tabbatarwa a karon farko, amma daga nan ba a sake tambayar mai kati.

Mu ɗauki misalin wata mata da ta karɓi gwajin kyauta na kwana 7 a wata manhajar koyon karatu mai kuɗin dala 10 a wata. Da ta ga ba ta buƙatarta, sai ta goge ta daga waya, tana zaton magana ta ƙare. A watan farko dala ɗaya tana daidai da 100 na kuɗin ƙasarta, aka cire 1,000. A wata na uku dala ta kai 115, aka cire 1,150, ban da ladan canji da banki ya ɗora. Kamfanin bai ƙara farashi ba, canji ne ya motsa, shi ya sa adadin ya bambanta har ta kasa gane cirar.

Abin da ya kamata ta fara yi shi ne karanta sunan da ke cikin saƙon cirar, domin wanda ya karɓi kuɗin, a wurinsa ake sokewa. Idan an rubuta `APPLE.COM/BILL`, za ta shiga `Settings`, ta taɓa sunanta, ta zaɓi `Subscriptions`, ta taɓa sunan manhajar ta soke. Idan sunan ya fara da `GOOGLE`, za ta buɗe `Play Store`, ta taɓa hoton asusunta, ta shiga `Payments & subscriptions`, sannan `Subscriptions`, ta zaɓi manhajar, ta danna `Cancel subscription`. Idan kuwa sunan kamfanin ne da kansa, sai ta shiga asusunta na can. Ya fi dacewa a soke tun da sauran kwana biyu kafin ranar cira, saboda agogon ƙasarsu ba lallai ya zo daidai da namu ba. Ta kuma adana saƙon tabbatarwa mai ɗauke da kwanan wata.

Mutane da yawa sukan kwashe kuɗinsu daga asusu ko su canza kati, kuma a ganina wannan dabara ce mai rauni. Kamfanin yakan sake gwada cira bayan 'yan kwanaki, da zarar kuɗi ya shigo ya ɗauka. Haka kuma Visa da Mastercard suna da tsarin da ke iya miƙa wa kamfani lambar sabon kati idan banki yana cikinsa.

Idan an sake cira bayan sokewa, a nan aikin banki ya zo. A kai ƙorafi a rubuce tare da shaidar sokewa, a nemi a dawo da kuɗin kuma a toshe kamfanin. Kada a yi jinkiri, domin wa'adin yawanci kwana 120 ne. Kuɗin da ya dawo yana iya gaza wanda aka cire, tunda da canjin ranar mayarwa akan lissafa shi.