Yadda Za a Warware Lissafin Tafiya da Hoton Agogo

A ɗauki wannan tambayar: wata mota ta tashi a lokacin da hoton agogo ya nuna, tana cin kilomita 60 a kowace awa, ta kuma isa da ƙarfe 10:15 na safe. Nawa ne nisan tafiyar?

Da farko, ɗalibi ya karanta agogon da kyau. Idan gajeren hannu yana tsakanin 7 da 8, dogon kuma yana kan 9, to lokacin ƙarfe 7:45 ne, wato takwas saura kwata, domin kowace lamba minti biyar ce ga dogon hannu. Yara kan rubuta 8:45 saboda gajeren hannun ya kusanci 8, alhali bai kai ba tukuna.

Sannan a ƙirga tazarar. Daga 7:45 zuwa 8:00 minti 15 ne, daga 8:00 zuwa 10:15 kuwa awa biyu da minti 15, jimilla awa biyu da rabi. Wannan hanyar ta fi ɗebewa kai tsaye sauƙi, domin wanda ya zo ranto yakan manta cewa awa minti 60 ce, ba 100 ba.

Daga ƙarshe, a ninka gudu da lokaci: awa biyu kilomita 120, rabin awa kilomita 30, amsar ita ce kilomita 150. Wanda ya sami 138 ya ɗauki awa biyu da minti 30 a matsayin 2.3 ne, maimakon 2.5.