Yadda na gyara lissafin giɓin farashi tsakanin `call` da `put`

Lissafina ya yi ta nuna min ribar da ba na samu idan na shiga ciniki. Sai da na zauna da takarda da biro na gano inda matsalar take.

Ƙa'idar ita ce, idan haƙƙin saye, wato `call`, da haƙƙin sayarwa, wato `put`, na hannun jari ɗaya da ba ya biyan rabon riba suna da farashin yarjejeniya ɗaya da wa'adi ɗaya:

`C − P = S − K/(1+r)^T`

Hannun jarin, `S`, yana 100, farashin yarjejeniya, `K`, 100, wa'adi, `T`, shekara guda, kuɗin ruwa, `r`, kashi 5 cikin 100. Darajar 100 ɗin a yau 95.24 ce, don haka giɓin ya kamata ya zama 4.76. Amma allo ya nuna `C`, farashin haƙƙin saye, 10, `P`, farashin haƙƙin sayarwa, 4. Haƙƙin saye ya yi tsada ke nan. Sai in sayar da shi, in sayi haƙƙin sayarwa da hannun jarin, in ranci 95.24. Ragowar 1.24 tawa ce. Ranar wa'adi, ko farashi ya hau ko ya faɗi, hannun jarin zai tafi a 100, in biya bashin.

Ashe farashin da ke tsakanin na mai saye da na mai sayarwa nake ɗauka, wanda ba kowa ke samunsa ba. Da na sa na ainihi, mai sayen `call` na biyan 9.80, mai sayar da `put` na neman 4.20, hannun jarin 100.05, sai ribar ta koma 0.79, tun kafin kuɗin dillali.

Yanzu kuma ina tabbatar da cewa kwangilar irin ta Turai ce, wadda sai ranar wa'adi ake zartar da ita, domin ta Amurka ana iya zartar da ita kafin wa'adi, lissafin ya wargaje.