Yadda na gyara kafaɗar da ke lotsewa a Blender

Kwana uku kafaɗar ɗan damben 3D da nake yi wa wani ɗan fim a nan Sakkwato tana hana ni barci. Da ya ɗaga hannu sama sai ta lotse kamar an matse balan-balan. Na goge nauyin ƙasusuwa a Weight Paint har na gaji. Na kunna Preserve Volume, sai hammata ta kumbura. Matsalar ita ce nauyi matsakaicin motsin ƙasusuwa kawai yake bayarwa, ba ya ƙirƙirar tudun tsoka.

Sai na ɗaga hannun zuwa digiri 90, na ƙara sabon Shape Key, na kunna Edit Mode da On Cage a kan modifier na Armature, na sassaƙa tudun kafaɗar a wannan tsayuwa. A kan Value ɗin Shape Key na danna Add Driver, don motsin hannun ya riƙa tayar da gyaran da kansa. Da farko na ɗauki juyawar X ta ƙashin dantse, amma da hannun ya karkata gaba sai lambar ta yi tsalle.

Abin da ya yi aiki shi ne Rotational Difference, tsakanin ƙashin dantse da wani ƙashi da na kwafa daga shi a tsayuwar hutu, na ɗaure shi ga ƙashin kafaɗa, na kashe masa Deform. Da yake radiyan yake bayarwa, kuma digiri 90 radiyan 1.571 ne, na rubuta:

```
min(var/1.571, 1)
```

Sai dai bai san gaba da gefe ba, ko'ina hannu ya nufa gyaran zai taso. Ga naushin wannan ɗan damben ya wadatar, alhamdulillahi.